Yaro ya gama karatun injiniyan noma: ina zai dosa?

A kasuwanninmu na kan iyaka, daga Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya da Maigatari, idan aka ce ɗan wane ya gama karatun likita ko na duwan, kowa ya san inda aka dosa. Amma idan aka ce injiniyan noma ne, sai ka ji uban yaron da kansa yana tambaya, shin aikin gona zai koma bayan duk kuɗin da aka kashe? Amsar ita ce wannan karatu ba na riƙe hauya ba ne. Karatu ne na awon ruwa da ƙarfin inji da tanadin amfanin gona, kuma hanyoyinsa duka suna ratsawa ta cikin kasuwa.

Ana yin sa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ta ɓangaren ayyukan raya karkara, da makarantar Kollo mai horar da ma'aikatan karkara, da babbar makarantar ruwa da muhalli ta Wagadugu. Waɗanda suka ƙetara Nijeriya kuwa suna samun sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano.

Hanyar da ta fi faɗi ita ce ta tsara ban ruwa. A da, mai wannan takarda ofishi guda yake hange, wato ONAHA, hukumar da aka kafa a 1978 don kula da manyan filayen noman rani. Ita ce ke da alhakin wurare irin su filin Ƙonni mai sama da hekta 2,000, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, da na Jiratawa kusa da Maraɗi, inda ake jawo ruwan daga ƙarƙashin ƙasa. Guraben gwamnati dai ba su da yawa, kuma aikin furoje yana ƙarewa ranar da kuɗin masu tallafi suka ƙare. A ganinmu, aikin da ba ya ƙarewa yana wajen masu garka, musamman ƴan kasuwar da suka sayi fili a fadama suna son zuba kuɗi a noman albasa.

Bari mu ɗauki misali don a ga abin da injiniyan yake sayarwa. Wani Alhaji yana da hekta guda a yankin Galmi, zai dasa albasa. Abin da mutanenmu suka saba shi ne a fara sayo injin ban ruwa, a haƙa rijiya, daga baya a ga abin da Allah zai yi. Injiniya daga ƙarshe yake farowa, wato daga ƙishin shukar. Mu ce a lokacin da albasa ke yin kai, zafi kuma ya fara shigowa, tana shan milimita 7 a rana. Milimita guda a kan hekta guda lita 10,000 ce, saboda haka gonar na bukatar lita 70,000 kowace rana, wato tano 350 mai cin lita 200.

Wannan shi ne abin da zai isa saiwa, ba abin da za a ɗebo daga rijiya ba. Idan ruwan zai bi magudanar ƙasa a wuri mai rairayi, rabinsa kan iya tsiyayewa a hanya da ƙarƙashin fangali, sai a ɗebo lita 140,000 kafin a samu 70,000. Idan kuwa aka binne tiyon roba ya kai ruwan bakin fangali, aka kuma daidaita ƙasar, lita 100,000 na iya wadatarwa. Bambancin lita 40,000 ɗin nan kuɗin mai ne da ake ƙonawa kowace rana har a cire albasa.

Daga nan sai ya raba da awoyin aiki. Lita 100,000 cikin awa 8 na nufin lita 12,500 a kowace awa. Tambayar da ta rage ita ce ko rijiyar za ta iya ba da hakan, kuma ba a sanin wannan da ido. Sai an ɗora inji an yi ta ja na awoyi, ana auna abin da ke fitowa, ana kuma duba yadda ruwan ke sauka a cikin rijiyar. Idan aka tarar lita 8,000 kawai take iya bayarwa a awa ba tare da ta ƙafe ba, to cikin awa 8 lita 64,000 ke nan, abin da ba zai shayar da fiye da kashi biyu cikin uku na gonar ba. Sai a gaya wa Alhaji gaskiya tun kafin ya sayi iri: ko ya ƙara rijiya, ko ya ƙara awoyi, ko ya rage fili. Kuma gwajin da aka yi da kaka ba ya zama hujja, domin ruwan ƙasa yana sauka sosai kafin watan Maris.

Akwai abubuwa biyu da suke cin kuɗin masu garka ba tare da sun sani ba. Na farko zurfi. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce kamar mita 7, komai girmansa, domin nauyin iskar duniya ne ke tura ruwan cikin tiyo, ba ƙarfin injin ba. Da zarar an kusanci wannan iyaka ruwa zai ragu, a riƙa jin ƙara kamar tsakuwa na yawo a cikin famfon, fankar da ke ciki kuma ta riƙa cinyewa. Shi ya sa ake haƙa rami a saukar da injin kusa da ruwa, ko a koma ga famfon da ake nutsarwa ciki, irin wanda hasken rana ke turawa. Lambobin da ke jikin kwali ma suna ruɗin mai saye: yawan ruwan da aka rubuta da tsawon da aka ce yana turawa ba a samun su tare, in ɗaya ya hau ɗaya sauka yake yi.

Na biyu kaurin tiyo. Wannan ruwa na lita 12,500 a awa, idan aka tura shi cikin tiyo mai inci 2, gogayyar da yake yi da jikin tiyon daidai take da hawan mita 6 a kowace mita 100. A tiyo mai inci 3 ba ta kai mita guda ba. Idan rijiyar na da nisan mita 200 daga ƙarshen gona, wanda ya sayi siririn tiyo don ya fi araha ya ɗora wa injinsa hawan mita 12 na banza, kuma a gidan mai zai riƙa biyan bambancin. Lissafin nan bai fi shafi biyu ba, amma shi ne hajar yaron. Wanda ya iya shi, ya kuma iya tsayawa a kan masu haƙa da masu binne tiyo har aiki ya kammala, garka guda da ta yi kyau ta isa ta kawo masa maƙwabtanta.

Hanyar injuna ta fi kusa da masu shago. Ƙasar nan ta daɗe da wuraren ƙera kayan noma a Tawa da Doso da Damagaram, inda ake yin amalanke da garmar shanu, ga kuma maƙeran zamani a kowane gari masu haɗa injin niƙa da na sussuka da na ɓarar gyaɗa. Hannu suna da shi. Abin da sau da yawa ya yi ƙaranci shi ne awo. Injin da ke juyi 3,000 a minti, mai fule santimita 10, idan zai ja na'urar da ke son juyi 1,000, fulenta sai ta kai santimita 30. A sa mata mai 20, sai ta yi juyi 1,500, ta riƙa farfasa ƙwaya tana cin boris, mai ita kuma ya ce kayan ne ba su da kyau. Ɗan kasuwar da ke shigo da injuna daga Kano ko daga Sin yana bukatar mai irin wannan sani ya zaɓa masa abin da ya dace da ƙurarmu da zafinmu, ya kuma lissafa kayan gyaran da za a haɗo da su. Taraktocin da muke gani a yashe a bayan ofisoshi, da yawansu ƙaramin ƙarfe ne da ba a samu ba ya kwantar da su. Sai dai mu faɗa wa iyaye: yaron da ya fito jami'a bai taɓa kwance inji da hannunsa ba, gara ya yi shekara guda a gareji ko wurin walda kafin a buɗe masa shago.

A wajen sarrafa abinci kuwa, kusan duk maganar ta danshi ce. Masarar da za a adana ana son danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Wanda ya sayi buhu mai kilo 100 da danshi kashi 18, idan ta bushe kilo 94 da ɗan ɗoriya zai tarar. A buhu 400, nauyin buhu 23 ke nan na ruwa ya biya kuɗinsa. In kuma ya ɗinke ta haka ya jibge a sito, za ta yi zafi ta yi fumfuna, kuma wata fumfunar tana barin guba mai lahani ga hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. Cizon ƙwaya da haƙori yana gaya wa gwani wani abu, amma ba ya bambance 13 da 15. Ƙaramar na'urar awon danshi ce ke yin wannan, kuma injiniyan shi ne ya san inda za a ɗebi samfur a cikin lodi, da yadda za a jera buhuna a kan katako nesa da bango don iska ta ratsa.

Haka abin yake a injin cashe shinkafa, irin na kamfanin Shinkafar Nijar da ƙananan na ƴan kasuwa: shanshera da ta bushe fiye da kima a rana tana tsattsagewa, ta fito gutsattsari, farashi ya faɗi. Masu wake ma sun ga darasi a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, yana kashe ƙwarin ne ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Amma huda guda a jikin ledar ta isa ta ɓata aikin, saboda haka akan hura ta a danna a gani kafin a zuba wake, a kuma ɗaure kowace leda daban.

Tumatir kuwa, kilo 100 ɗanye ba ya wuce kilo 6 zuwa 7 na kauɗa, domin sauran duk ruwa ne. Mai son kafa wurin busarwa da wannan adadi zai fara lissafinsa: kuɗin kwandon ɗanye a lokacin da ya yi arha, faɗin ragar da za a shanya shi a kai don kada ya taɓa ƙasa, da farashin kauɗa mai tsabta a Yamai ko Sakkwato da damina.