Jakunan Nasiruddin: Yadda Ake Rage wa Dogon Barkwanci Kaya

Turkawa suna da wani shahararren mai ban dariya, Nasiruddin Hoja, wanda ake cewa ya rayu a ƙarni na 13, kabarinsa kuma yana garin Akshehir. Larabawa suna jingina irin labaransa ga Juha. Ɗaya daga cikin barkwancin da ake danganta masa ya ishi mai son koyon wannan sana'a darasi.

Kullum Nasiruddin yakan tsallaka iyaka da jaki ɗauke da ciyawa. Ɗan kwastan ya tabbata fasa-ƙwauri yake yi, domin mutumin sai ƙara arziki yake. Ya zazzage ciyawar, bai ga komai ba. Wata rana ya tankaɗe ta, wata rana ya ƙone ta ƙurmus, a banza. Bayan shekaru, ya yi ritaya, suka haɗu a kasuwa. Ya ce, "Yanzu ba ni da ikon kama kowa. Don Allah, me kake tsallakarwa?" Nasiruddin ya ce, "Jakuna."

Labarin nan bai kai minti ɗaya ba, amma a bakin wanda bai iya ba sai ya ci minti biyar. Zai faɗi sunan matar Nasiruddin, da zafin ranar da ake yi, da yadda ɗan kwastan ya samu aikin. Gwanaye suna bi ta baya ne: su riƙe kalmar ƙarshe, sannan su tambayi kowace jimla ta shimfiɗa me ta yi wa wannan kalma.

Ciyawa ta tsira, domin ita ke janye hankalin mai sauraro daga jakin. Arzikin Nasiruddin ya tsira, don in babu shi ba a san akwai abin da ake ɓoyewa ba. Ritaya ma dole ce, in ba haka ba wane ɗan fasa-ƙwauri ne zai tona kansa gaban mai kaki? Matar da zafin rana kuwa, ko an cire su amsar tana nan daram.

Wurin da ya fi wuya shi ne jakin kansa. Tilas a ambace shi tun jimlar farko, in ba haka ba mai sauraro zai ji an yi masa maguɗi. Amma ambato ɗaya ya isa, a wuce da shi kamar ba komai ba. Mai ba da labarin da ya ce "wani ƙosasshen jaki fari" ya riga ya haska fitila a inda ake son duhu. Wanda ya ƙara da cewa Nasiruddin yakan dawo gida a ƙafa kuwa ya kashe barkwancin murus, ko da yake gaskiya ya faɗa. Wani a cikin taro zai yi caraf ya ce, "Af, jakunan yake sayarwa!"

Akwai kuma ƙarin da ba ya tona asiri amma yana buɗe wata ƙofa. A ce an saka cewa Nasiruddin ya taɓa miƙa wa ɗan kwastan cin hanci ya ƙi karɓa. Nan take masu sauraro za su fara jiran yadda maganar cin hancin za ta ƙare, in kuma amsa ta zo ba ta taɓo ta ba, sai dariyar ta fito rabi. Marubucin Rasha Anton Chekhov ya yi irin wannan gargaɗi ga masu rubuta wasan kwaikwayo, cewa bindigar da aka nuna a farkon wasa dole a harba ta kafin a tashi.

Bincike uku ya wadatar, kowanne ya fi na baya tsanani. Na huɗu gajiya ce kawai.

Fuskar jama'a ce ke nuna inda saura yake. In an ji wani ya ce "To, sai me ya faru?", shimfiɗa ta yi tsawo. In an ce "Wane jaki?" bayan an gama, an yanke har da abin da ake bukata. In kuma dariyar ƙone ciyawa ta fi ta ƙarshe ƙarfi, sai a rage wa wannan wurin armashi, duk da cewa masu barkwanci ba su cika son rabuwa da wurin da ya taɓa ba su tafi ba.

Ba kowane dogon barkwanci ake yi wa wannan aski ba. A 2009 ɗan wasan Kanada Norm Macdonald ya shafe mintuna a shirin talabijin na Conan O'Brien yana zayyana baƙin cikin wani ƙwaron fitila da ya shiga wurin likitan ƙafa. Da likitan ya tambaye shi me ya kawo shi nan maimakon wurin likitan ƙwaƙwalwa, sai ya ce ya ga fitila a kunne ne. A can tsawon shi ne abin dariyar, kuma da gangan Macdonald ya ja shi. Na Nasiruddin kuwa kacici-kacici ne, kuma ko amsarsa akan lalata ta da ƙari: "Ai jakuna nake kaiwa can ina sayarwa" ta jera kalmomi biyar bayan an riga an gane, sai dariya ta taso ta tarar mutum bai rufe baki ba.