Agogon Kyamara Ba Shaida Ba Ne Sai An Gwada Shi

Ran 15 ga Fabrairu, 2013, da misalin ƙarfe 9:20 na safe, wani ƙaton dutse ya keto sararin samaniya, ya tarwatse a bisa jihar Chelyabinsk ta ƙasar Rasha. Haskensa ya ɗara na rana. Mutanen birnin suka ruga bakin tagogi suna kallo, can bayan fiye da minti biyu sai ƙara ta iso da iska mai ƙarfi, ta farfasa gilasai. Mutum wajen 1,500 suka nemi magani, galibinsu gilashi ne ya yanke su.

Direbobin Rasha da yawa sukan liƙa ƙaramar kyamara a gilashin gaban mota, domin ta zama shaida in an yi karo. Saboda haka aka sami bidiyoyi masu ɗimbin yawa, wasu na motoci, wasu na wayoyin hannu. Amma kowane da lokacin da yake faɗi. To, yaya za a tattara su a fitar da jeri guda, a ce wannan ya riga wancan da sakan kaza? Hanyar da za mu bayyana ita ce ake bi ko a kan karon mota ne, ko gobara, ko tarzoma.

Da farko dai kada mai bincike ya gaskata lokacin da ya gani rubuce a gefen hoto. Agogon kyamarar mota sau da yawa da hannu ake saita shi. Wani ya saita nasa bara bai sake dubawa ba, wani batirinsa ya mutu agogon ya koma farko, wani kuwa lokacin wani gari ya bari a kai. Wayar hannu ta fi gaskiya, gama takan karɓi lokaci daga kamfanin waya, amma in bidiyon ya bi ta WhatsApp, bayanin da ke ɓoye cikinsa na sa'ar ɗauka yakan goge. Ranar da aka gani jikin fayil kuma sau da yawa ranar da aka kwafe shi ce. Don haka a nemi na asali daga katin kyamara ko daga wayar da ta ɗauka, a adana shi, a yi aiki da kwafi.

Sa'an nan sai a nemi turke, watau wani abu guda da ya auku farat ɗaya, wanda kuma ya fito a bidiyo biyu ko fiye. Bidiyo ba kome ba ne face hotuna a jere, galibi 30 cikin kowane sakan, bari mu kira kowannensu falle. Ana bin su ɗaya ɗaya har a kai ga fallen da abin ya bayyana. A Chelyabinsk turken da ya fi kyau shi ne lokacin da hasken ya kai maƙura, domin haske yana isa ga kowa a lokaci guda, na kusa da na nesa. Na'urorin gwamnatin Amirka da ke lura da samaniya sun rubuta wannan lokaci, ya kama 9:20:33 agogon Chelyabinsk, watau 4:20:33 na asuba agogon Nijeriya. Da shi za a gwada sauran agoguna.

Ga misali, alƙalumansa na koyarwa ne. A ce muna da bidiyo uku. A mota ta farko hasken ya kai maƙura sa'ad da agogonta ke nuna 9:17:03. Ashe tana baya da minti 3 da sakan 30, sai a ƙara wannan a kan duk abin da ta nuna. A mota ta biyu kuwa agogo na nuna 7:21:10. Wannan kamar lokacin Mosko aka bar mata, wanda a shekarar yake bayan na Chelyabinsk da awa biyu, kuma tana gaba da sakan 37. Gyaranta shi ne a ƙara awa 1 da minti 59 da sakan 23.

Yanzu a duba ƙarar. Mota ta farko ta ji ta da 9:19:23 a agogonta, in an gyara ya zama 9:22:53, watau sakan 140 bayan haske. Ta biyu ta ji da 7:23:50, in an gyara 9:23:13, sakan 160 ke nan. Mai gaggawa zai ce an yi kuskuren sakan 20. Ba kuskure ba ne. Sauti tafiya yake yi, mita 343 cikin sakan in iska tana da matsakaicin ɗumi, ƙasa da haka kuma cikin sanyi irin na Rasha, kusan sakan uku ke nan a kowace kilomita. Sakan 20 ɗin nan yana nuna mota ta biyu ta fi ta farko nisa daga inda dutsen ya fashe da kamar kilomita shida. Wanda ya ɗauki ƙarar ta zama turkensa, ya daidaita motocin biyu a kanta, ya gusar da duk abin da ke bidiyo na biyu da sakan 20 bai sani ba.

Na uku wayar hannu ce, mai ita bai fara ɗauka ba sai da hasken ya wuce, ba ta kuma nuna agogo. Ƙarar ta zo a sakan na 25 na bidiyon. A nan dole a yi amfani da sauti, amma sai an fara gane inda mutumin yake tsaye, ta gine-gine da allunan titi. In ya tabbata titi ɗaya suke da mota ta farko, tsakaninsu bai wuce mita 100 ba, to bambancin jinsu bai fi sulusin sakan ba. Sai a ce ya fara ɗauka da 9:22:28, a rubuta a gefe cewa ana iya samun kuskuren rabin sakan.

Turke ɗaya ba ya isa. Kyamarar mota takan yanka aikinta guntu-guntu, minti ɗaya ko uku, wani lokaci kuma wani abu ya salwanta a mahaɗa. Ga yadda ake ganewa: tsakanin haske da ƙara a mota ta farko sakan 140 ne, ya kamata a ƙirga falle 4,200. In aka sami 4,140 kaɗai, sakan biyu sun ɓace, sai a koma a nemi inda agogon ya yi tsalle. Waya kuma takan rage yawan fallenta in haske ya yi ƙaranci, don haka ƙirgan falle ba abin dogara ba ne a gare ta, sai a karanta lokacin da fayil ya ba kowane falle. Ko yaushe dai a nemi turke na biyu can wajen ƙarshe, kamar wata bas da ta gifta a bidiyon wayar da na motar duka. In na farko ya dace amma na biyu ya saɓa, to an yanke wani wuri ko an sake saurin bidiyon.

Daga ƙarshe a zana jadawali kamar na littafin ofis: lambar bidiyo, inda aka ɗauka, turkensa, gyaran agogonsa, da iyakar kuskurensa. In tazarar abu biyu ba ta kai wannan kuskure ba, kada a rubuta cewa wannan ya riga wancan, a rubuta cewa bidiyo bai raba gardama ba. Gama a shari'ar karon mota, rabin sakan tsakanin kamawar jar fitila da shigar direba mararraba shi ne ke raba mai laifi da marar laifi.