Matakan kwatanta siffa a tambayoyin zaɓi na jarrabawar Turanci

Siffar Turanci tana da matakai uku: na asali, na kwatanta abu biyu, da na fifita ɗaya a cikin uku ko fiye. Gajeruwar siffa ana ƙara mata -er da -est, kamar tall, taller, tallest. Doguwa kuwa, irin su beautiful, sai a sa mata more ko most a gaba. Hausa ba ta taɓa siffar, aikatau "fi" ne ke ɗaukar nauyin: Audu ya fi Bala tsawo, Audu ya fi kowa tsawo. Saboda haka ɗalibi Bahaushe bai saba ƙirga waɗanda ake kwatantawa ba, alhali a kan ƙirgar nan masu tsara tambayoyin JAMB da WAEC sukan ɗana tarko.

Ga misali: Of the two sisters, Binta is the ____. Zaɓin su ne more taller, tallest, taller da most tall. Na farko ya faɗi tun daga ƙira, domin ya haɗa more da -er, wato an yi kwatanci sau biyu. Na ƙarshe ya ɗora most a kan gajeruwar siffa. Saura biyu, kuma a nan ɗalibai da yawa kan zame, don kunne ya saba jin tallest bayan the. Amma jimlar ta ce two. 'Yan'uwan biyu ne kacal, don haka amsar ita ce taller.

Akwai 'yan siffofin da ba sa bin wannan ƙa'ida, sai dai a haddace su: good, better, best, bad, worse, worst, little, less, least. Tunda better da worse sun riga sun zama na kwatanci, more better kuskure ne, komai yawan jin sa a tasha da kasuwa. Su kuma senior, junior da superior, waɗanda suka fito daga Latin, da to suke tafiya, ba than ba.

Rukuni na ƙarshe shi ne siffofin da ma'anarsu ta kai maƙura. Unique na nufin abin da ba shi da na biyu, kuma wani abu ba zai fi wani rashin na biyu ba, kamar yadda wata gawa ba ta fi wata mutuwa ba. Haka perfect da dead suke. In aka jera more unique, most unique, very unique da unique zalla, a zaɓi zallar. Almost unique kuwa daidai ne, domin ana iya kusantar maƙura ba tare da an kai ba.

Gaskiya Turawan kansu ba su tsaurara haka ba. Gabatarwar kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ma tana ɗauke da more perfect. Sai dai takardar jarrabawa tsohuwar ƙa'idar nahawu take bi, kuma da ita ake ba da maki.