Katan Goma Ko Babu: Yadda Sabon Mai Shago Zai Yi Ciniki da Dila

Duk wanda ya shiga Kasuwar Singa a Kano da ɗan ƙaramin jari ya san wannan amsar: "Farashin sari daga katan goma yake farawa." Da yawa sai su juya, ko su tattara kuɗinsu kaf su zuba a kaya iri ɗaya. Kafin a yi ko ɗaya, akwai lissafi.

Katan ɗin taliya leda 20 ne, goma kuwa leda 200. Idan shagon unguwa yana sayar da biyar a rana, sai ya yi kwana 40 kafin kuɗin su dawo. Duk tsawon wannan lokaci mai neman sabulu ko madara zai leƙo ya wuce shagon gaba, kuma ba lallai ya dawo ba.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne dalilin sharaɗin. "Alhaji, goman nan dole sai iri ɗaya, ko jimillar kayan ake dubawa?" Amsar ce za ta nuna inda ƙofa take. Sau da yawa ribar dila a kan katan ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, don haka abin da yake gudu shi ne a buɗe sito, a rubuta rasit, a kira ɗan dako saboda katan biyu. Irin wannan dilan, gauraye ba zai dame shi ba. Wani kuma kamfani ne ya gindaya masa adadin da zai sayar kafin ya samu rangwame. Shi wannan, sai ka haɗa kayanka daga na kamfanin, misali taliya da makaroni masu tambari ɗaya.

Sai ka kawo tayinka a fili: "Zan ɗauki goman, amma taliya uku, makaroni biyu, tumatirin leda biyu, sabulun wanki biyu, madara ɗaya. Kuɗi hannu, kuma dakon a kaina." Ka lura, ba a nemi a fasa katan ba. Wannan kam kusan babu dilan da zai yarda, domin ragowar fasasshen katan kwantai take zame masa.

Zai iya ɗora ɗan wani abu a kan kowane katan. Kada ka yi saurin cewa albarka: raba ƙarin bisa yawan ledojin da ke cikin katan ɗin ka ga nawa ya hau kan leda ɗaya, in da sauran riba, ka karɓa.

Inda ake cutuwa shi ne wurin cike gurbi. Wani zai ce ya yarda, amma katan biyu shi zai zaɓa maka, sai ya turo abin da ya daɗe a sito. Duba ranar lalacewa a jikin kowane katan kafin a yi lodi, musamman madara da tumatir, kuma a rubuta farashin kowane iri daban a rasit.