Igiyar da ke haɗa waya da fiyano

Wani matashi mai koyon kiɗa ya haɗa wayarsa da fiyano ta igiyar USB, ya kaɗa waƙa guda, ya danna saurare. Sai ya ji wata murya daban, ba irin wadda fiyanon ke fitarwa a ɗakin ba. Babu abin da ya lalace. Igiyar ta yi aikinta, shi ne bai san irin kayan da take ɗauka ba.

MIDI, wanda kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, ba ya ɗaukar sauti. Saƙo yake kaiwa. In ka danna mabuɗin C na tsakiya, fiyano zai gaya wa waya cewa an taɓa lamba 60, da ƙarfi kaza a ma'aunin da ya tsaya a 127, in ka ɗaga yatsa kuma ya ce an saki. Manhajar da ke cikin waya ce za ta zaɓi muryar da za ta furta saƙon, ko garaya ko sarewa. Shi ya sa bayan ka ɗauka kana iya gyara harafin da ka kuskure, ka rage sauri, ko ka sauya kayan kiɗan gaba ɗaya ba tare da ka sake kaɗawa ba.

Mu ɗauki Yamaha PSR-E373 da wayar Android mai bakin USB-C. A bayan fiyanon akwai rami mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa USB TO HOST. Igiyar firinta ce ke shigarsa, kuma Yamaha na ba da shawarar kada ta kai mita 3. Manyan fiyano suna da wani ramin, USB TO DEVICE, wanda na filashi ne. Nan da yawa ke ɓata yini suna zargin waya. Ɗaya bakin igiyar sai a sa shi a ƙaramin mahaɗin OTG, mahaɗin kuma a waya. Aikin OTG shi ne mai da waya uwar gida, kamar kwamfuta. Android ya san MIDI tun daga na 6, a 2015, amma wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannunka, kuma a irin su Oppo yana kashe kansa in ya yi minti 10 babu abin da aka jona. Mai iPhone ta da, mai bakin Lightning, sai ya nemi mahaɗin kyamara na Apple.

Kunna fiyano, sannan ka buɗe manhaja, misali BandLab ko FL Studio Mobile, ko GarageBand a iPhone. Buɗe layin kayan kiɗa, ba layin makirfo ba. In ka danna mabuɗi ka ga takwaransa ya motsa a fuskar waya, an haɗu.

Daga nan ne kunne ke fara shan wahala. Sau da yawa za ka ji kowane harafi sau biyu, ɗaya na bin ɗaya, domin fiyano na kiɗa da muryarsa, waya ma tana yi da tata. Maganinsa yana cikin saitin fiyano: ka kashe Local Control, sai mabuɗan su daina magana da lasifikarsa kai tsaye. Ka dai tuna ka mayar da shi in ka gama, in ba haka ba kana iya tarar da fiyano ya zama bebe, ka kama hanyar wajen mai gyara a banza.

Akwai kuma jinkiri tsakanin taɓawa da jin sauti. Saƙon MIDI kansa ba ya nawa. Wayar ce ke ɗaukar lokaci kafin ta haɗa sautin. Abin kunne na Bluetooth yana ƙara jinkirin har ya rikita maka lissafin kiɗa, don haka mai igiya ya fi. Ga mai atisaye da manhajar koyo, ni dai gara ya rage muryar waya, ya bar fiyano ya yi kiɗansa, waya ta tsaya duba ko ya taɓa daidai.

To wanda yake son ainihin muryar Yamaha, wadda kunnuwanmu suka saba da ita a waƙoƙin finafinan Kano fa? PSR-E373 yana tura sauti ma ta wannan igiyar, don haka sai ka buɗe layin sauti maimakon na MIDI. Kada ka firgita in lasifikar waya ta yi tsit, sautin ya koma ta fiyano ne. Tsofaffin fiyano da yawa kuwa MIDI kaɗai suke turawa, su sai an bi ta ramin abin kunne zuwa na'urar ɗaukar sauti. Kuma ka cika batir kafin ka zauna, domin igiyar ta riga ta tare ramin caji.