Zoben tagullar da ke hana giya ƙara

Duk wanda ya taɓa koyon tuƙin mota mai kuloci ya san ƙarar nan ta "ƙarrr" da kan tashi idan an sa giya ba daidai ba. Yawancin mutane sun ɗauka haƙoran giya biyu ne suke gwabzawa wajen neman shiga juna, alhali a motocin zamani ba haka abin yake ba. Manyan haƙoran giyoyin gaba kullum a sarƙe suke, ko motar tana firi. Abin da ke ƙarar wasu 'yan ƙananan haƙora ne da ke gefen kowace giya, kuma aikin hana su ƙara yana wuyan wani zoben tagulla da bai fi awarwaro girma ba, wanda makanikai ke kira sinkuronaiza.

A cikin giyabos akwai shaf ɗin da ke karɓo juyi daga inji ta hanyar kuloci, akwai kuma wanda ke kai juyin ga tayoyi. Giyoyin da ke kan wannan na biyu ba a ɗaure suke da shi ba. Kowacce tana zaune a kan boris, tana juyinta ita kaɗai, shaf ɗin yana nasa. Tsakanin kowace giya biyu akwai cibiyar ƙarfe wadda ita a kafe take da shaf, a kanta kuma akwai ƙawanya mai haƙora ta ciki, wadda ke zamewa gaba da baya. Idan direba ya tura sandar giya, wannan ƙawanyar yake turawa. Ta zame ta hau 'yan haƙoran gefen giyar da ya zaɓa, sai giyar da shaf su zama abu ɗaya. Sa giya ke nan.

Matsalar ita ce, a lokacin da ƙawanyar ta nufo giyar, ba gudu ɗaya suke yi ba. Mu ɗauki misali da lissafi mai sauƙi. A ce a giya ta biyu inji yana juyawa sau biyu kafin shaf ɗin tayoyi ya juya sau ɗaya, a ta uku kuma sau ɗaya da rabi. Direba yana giya ta biyu, inji yana juyi 3,000 a minti, shaf ɗin da ƙawanyarsa suna 1,500. Giya ta uku kuwa, da yake a sarƙe take da ɓangaren inji, tana can tana wulwulawa a 2,000. Tazarar juyi 500 ke nan a minti, sama da juyi takwas a kowace daƙiƙa. Idan aka cusa haƙora cikin haƙora a haka, sai dai su yi ta dukan bakin juna.

Don haka aka yi wa gefen kowace giya wani tudu mai santsi, mai ɗan tsukewa kamar bakin mazurari, aka kuma yi wa cikin zoben tagullar irin wannan tsukewar yadda zai hau tudun ya zauna daram. Karkatar ba ta da yawa, wajen digiri 6 zuwa 7 ce, kuma da gangan aka yi ta haka. Ɗan turin da hannun direba ya yi sai ya zama matsi mai ƙarfi a jikin tudun. Da an ƙara tsuke ta, zoben zai cije ya ƙi saki.

Da ƙawanyar ta fara motsi, wasu 'yan maɓallai, galibi uku, da sifirin ke tokare da su, su ne ke fara dafa zoben su manna shi da tudun giyar. A cikin zoben akwai siraran zane irin na noti, aikinsu su kore man da ke tsakani don tagulla ta taɓa ƙarfe. Da sun haɗu sai gogayya ta fara, zoben ya zama birki.

Inda dabarar ta fi burge ni shi ne abin da ke biyo baya. Shi ma zoben yana da nasa haƙoran a waje, kuma an bar masa ɗan wurin wasa a jikin cibiyar. Giyar da ke gudu takan fizge shi ya goce da kimanin rabin haƙori, sai haƙoransa su tsaya daidai gaban na ƙawanyar su tare mata hanya. Bakunan haƙoran duka a fiƙe suke, gefe da gefe, saboda haka ƙawanyar tana ƙoƙarin ture zoben gefe, gogayyar kuma tana mayar da shi. Muddin akwai bambancin gudu, gogayyar ce ke rinjaye. Ƙara turin da direba zai yi ba zai buɗe hanya ba, sai dai ya ƙara matse birkin. Wannan ita ce 'yar tirjiyar da hannu ke ji a tsakiyar sa giya. Da giyar ta sauko 1,500, fizgar ta mutu, ƙawanyar ta kawar da zoben, ta wuce ta kama haƙoran giyar shiru. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Zoben fa ba inji yake rage wa gudu ba, balle mota. Abin da yake iyawa shi ne faifan kuloci da shaf ɗinsa da giyoyin da ke sarƙe da shi, waɗanda a misalinmu za su sauko daga 3,000 zuwa 2,250. Shi ya sa dole a take kuloci har ƙasa. Idan kuma saukowa ake yi daga ta uku zuwa ta biyu, aikin juyewa yake: zoben ne zai ƙara musu gudu, kuma wannan ya fi cin sa.

Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara sayar da mota mai wannan tsari a 1928, bisa ƙirar injiniya Earl Thompson. Kafin nan direba ne ke daidaita gudun da ƙafarsa: ya taka kuloci ya koma firi, ya saki, ya ɗan ba da wuta idan saukowa zai yi, ya sake takawa sannan ya sa. Tsofaffin direbobin manyan motoci har yanzu sun iya ta. Ribas kuwa a motoci da yawa ba a sa mata zoben, ita ce kaɗai giyar da manyan haƙoranta ke zamewa su shiga juna, don haka take ƙara idan ba a bari mota ta tsaya cik ba.

Da gangan aka yi zoben da ƙarfe mai laushi, don shi ya cinye giyar ta tsira. Idan zanen cikinsa ya shafe, sai ya riƙa sulɓi a kan mai, ya kuma nutse har ya jingina da jikin giyar ba tare da ya kama tudun ba. Makanikin da ya san aikinsa yakan ɗora zoben a kan tudun, ya danna ya murɗa ya ji ko yana cizo, sannan ya auna ratar da ta rage tsakaninsa da giyar. Sabo yakan bar ratar milimita ɗaya ko fiye, kuma littafin kowace mota ya faɗi iyakar da in an gaza ta sai canji. Giya ta biyu ce ta fi saurin kai wa nan, saboda yawan shiga da fita a cunkoson gari.

Kafin a sauke giyabos, yana da kyau mai mota ya saurara. Idan giya ɗaya ce tak ke ƙara, kuma tana shiga lafiya in an bi ta a hankali ko an taka kuloci sau biyu, zobenta ne. Idan dukansu ne suka yi tauri, ribas ma tana gurza alhali mota a tsaye take, to kuloci ne ba ya saki sosai, kuma sabon zobe ba zai yi maganin komai ba. Sai kuma mai. Idan littafin mota ya ce GL-4, kada a zuba GL-5 don ganin lambar ta fi girma. Na difaransha ne, sinadaran hana gogayya sun fi yawa a cikinsa, zoben kuwa da gogayya yake aiki. In an juye tsohon mai aka ga ɗan ƙyalli ruwan zinariya, ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashi mai kauri na nufin zoben ya kusa ƙarewa.