Awon Tafkin Kifi da Adadin 'Ya'yan da Zai Ɗauka

Kafin mu zuba 'ya'yan kifi a tafki, wajibi ne mu auna ruwan da ke ciki, ba ramin da aka haƙa ba. Ga misali. Tafkinmu tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 10, watau fuskar ruwan murabba'in mita 200 ke nan. Zurfin ruwa a gefe guda mita 1, a ɗaya gefen mita 1.4. Sai mu haɗa su mu raba biyu, mu sami 1.2. In muka riɓa 200 da 1.2, za mu sami 240. Kowane ɗaya cikin 240 ɗin nan lita 1,000 ne, ruwan duka lita 240,000 ke nan.

To, karfasa nawa zai ɗauka? A tafkin ƙasa wanda ba injin ba da iska, abin da ya fi aminci shi ne 2 ga kowane murabba'in mita. Saboda haka 400 za mu zuba, kowace ta sami lita 600.

Kada mu zaci in mun ninka zurfi sai mu ninka kifi. Iskar da kifi ke shaƙa ta fuskar ruwa take shiga, tsiron da ke ba da ita kuwa sai inda hasken rana ya kai. Da rani kuma ruwa kan ja baya, sai a sake awo.

Alamar cunkoso ita ce mu ga kifi sun taso sama da asuba suna buɗe baki. Ran nan sai a hana su abinci, a ƙara sabon ruwa, sa'an nan a rage su.